Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyar Masu Shaguna

'Yan'uwa mambobi, assalamu alaikum.

Kwamitin gudanarwa na gabatar muku da abin da aka yi a shekarar da ta ƙare. Tarukan wata-wata sun gudana, an tattara kuɗin ƙungiya, asusun rancen jari kuma ya ci gaba da aiki, sai dai biyan rancen ya yi ta jinkiri fiye da yadda muka saba. Ma'aji zai karanta lissafin asusu dalla-dalla a babban taro. A nan za mu fi tsayawa ne kan wannan jinkiri, domin binciken dalilinsa shi ne aikin da ya fi cin lokacin kwamiti a bana.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, waɗanda suka makara wajen biya ba masu ƙarancin ciniki ba ne. Cikinsu akwai wata 'yar'uwa mai sayar da kayan amfanin gida, wadda kowa ya san shagonta ba ya rabo da masu saye. Ta amince mu ba da labarinta ba tare da suna ba. Mun kuma daidaita alƙalumanta yadda cinikin shekara zai tashi 1,000, don sirrinta ya tsira kuma lissafin ya yi sauƙin bi.

Ta zo wurin kwamiti ne ranta a ɓace. Littafinta na nuna tana cin riba, amma duk ƙarshen wata sai ta yi kame-kame kafin ta haɗa kuɗin haya. Ta fara zargin yarinyar da ke taya ta tsaron shago, har tana shirin sallamarta. Muka roƙe ta ta dakata, muka tura mutum biyu su zauna da ita kan littafin.

Littafin bai yi ƙarya ba. Ta yi cinikin 1,000. Kayan da suka fita a wannan ciniki ta saro su ne a kan 700. Haya, wuta, albashin yarinya da abin da take ɗauka don hidimar gida sun ci 180. Saura 120, riba ke nan. Bashin da take bin mutane bai taka kara ya karya ba, kuma kuɗin kowace rana ya yi daidai da abin da aka rubuta, wato yarinyar ba ta taɓa komai ba. Amma abin da ya ƙaru a hannunta tsawon shekara bai wuce 10 ba.

Sai da aka tara rasit ɗin sari abin ya fito fili. Ta sayar da kayan da sarinsu 700 ne, amma ta saro na 810. Aka rufe shago yini guda aka ƙirga komai, kowane kaya a kan kuɗin da aka saro shi, ba kuɗin da ake fatan sayar da shi ba. A farkon shekara tana da hajar 150, yanzu ta kai 260. Bambancin 110 shi ne ribar da take nema. Tana nan jere a kan kantar shago da cikin kwalaye a ɗakin ajiya. Ɗaya daga cikin wakilanmu ya ce da ta ga jimillar sai ta yi shiru, can ta ce, "Ashe ni ce ɓarauniyar."

Cikar shago ba laifi ba ce idan kayan na tafiya, don haka aka duba saurin juyawarsu. Matsakaicin hajarta a shekara shi ne 150 da 260 a raba biyu, wato 205. Idan aka raba 700 da 205 ana samun kusan 3.4, ma'ana jarinta ya juya sau uku da 'yan kai kacal a shekara, kowane kaya na zaman kwana 107 a ƙiyasi kafin ya fita. Wannan ƙiyasin ma yana ɓoye gaskiya, domin ya cakuɗa mai gudu da wanda ya kwanta. Da aka ware kayan bisa ranar da suka shigo, sai aka ga sabulu, soso, ƙwan fitila da makamantansu suna ƙarewa cikin makonni, alhali kayan 100 cikin 260 sun haura wata shida ba a taɓa su ba.

Yawancin kwantan daga ragin dila ya samo asali. Dila zai ce idan ta ɗauki katan goma maimakon uku zai rage mata, ita kuma sai ta ga asara ce ta bar ragin ya wuce. Katan uku su ƙare, bakwai su zauna. Akwai kuma labule da jeren kwanuka da ta saro don sun burge ta, aka tsince launukan da ake so aka bar mata sauran. Sabon kaya kuma kullum a gaba ake jera shi, tsohon ya koma baya ya yi ƙura har a manta da shi. Abin da ya fi damun kwamiti shi ne, rancen da muka ba ta ma a irin wannan sari ya shige. Mun ba ta kuɗi ne don ta samu sarari, sai muka ƙara ɗaure ta.

Wajen gyara ne aka kai ruwa rana, domin ta ce ba za ta karyar da kaya ƙasa da yadda ta saro su ba. Daga cikin kwantan 100, dila ya yarda ya musanya mata na 25 da kayan da ke tafiya. Na 55 aka karya kuɗinsu, suka fita a kan 40, asarar 15 ke nan. Hujjar da ta sa ta yarda ita ce, idan ta zuba wannan 40 a kayan da ke juyawa duk wata suna barin ribar 4, cikin wata huɗu ta mayar da asarar. Wannan lissafi ya yi aiki ne kawai saboda kayan nata masu gudu suna yanke mata, tana mayar da masu saye hannu rabbana. Da ba haka ba, da sabon sarin ma kwantai zai zama. Sauran na 20 sun koɗe ko sun tsage, mun ba ta shawara ta cire su daga lissafi. Wannan na nufin ribar 120 da ta ɗauka tana da ita, a gaskiya ba ta wuce 85 ba. Ta biya rancenta kafin shekara ta ƙare, yarinyar kuma tana nan a bakin aikinta.

Bayan wannan, kwamiti ya kai irin wannan ziyarar ƙirgar kaya shagunan wasu mambobin da suka nema. Ba kowa aka samu da wannan matsala ba, wasu bashin da suke bayarwa ne ya riƙe musu kuɗi, kuma shi za mu duba a shekara mai kamawa.

Kwamiti zai gabatar da shawara ɗaya don ku kaɗa ƙuri'a a kai: daga yanzu duk mai neman rance ya haɗo da takardar ƙirgar hajarsa a kan kuɗin sari, da jerin kayan da suka haura wata shida a shago. Mun san wasu za su ga kamar tonon asiri ne, don haka mutum biyu kaɗai daga kwamitin rance za su ga takardar. Masu son a taya su ƙirga kafin babban taro su ba da sunansu ga sakatare, kuma su tanadi rasit ɗin sarinsu na shekara, su riƙa rubuta ranar shigowa a jikin kowane kwali tun daga sari na gaba.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.