Sun ce takarduna sun fi ƙarfin aikin, me zan faɗa musu ranar Litinin?

Assalamu alaikum Malam, ina fatan kana lafiya tare da iyali.

Shekarata 41, ina da digiri na biyu a fannin akanta, kuma na yi shekara 11 ina aikin banki a Kaduna kafin a rage ma'aikata har da ni. Yanzu na dawo gida Funtuwa. Wata makarantar kuɗi ta nemi akawu mai babbar difloma, na nema, aka kira ni ganawa.

Ana cikin tambayoyi sai mai makarantar ya ɗaga takarduna ya ce, "Malam, ai ka fi ƙarfin wannan kujera. Ranar da wani banki ya kira ka, ko sallama ba za ka yi mana ba." Na daburce, na ce masa ni kowane aiki ne ina so, saboda iyali. Tun kafin in rufe baki na san na yi ɓaranɓarama, domin wanda ya karɓi kowane aiki zai bar shi saboda kowane aiki. Duk da haka sun ce in koma ranar Litinin.

Da na natsu sai na fahimci ba digirin ne damuwarsu ba. Akawu biyu suka tafi cikin shekara 3, ɗaya ma ana tsakiyar karɓar kuɗin zango. Albashin naira dubu 120 ne, bai kai sulusin na banki ba. Shugabar makarantar da zan zauna a ƙarƙashinta kuwa sa'ar ƙanwata ce.

Ga abin da na shirya. Zan ce musu dawowata ba ta wucin gadi ba ce: mahaifiyata ta tsufa, ni ne babba, na sayar da filina na Kaduna, yarana 3 sun shiga makaranta a nan. Zan kuma nuna musu abin da zan gyara: har yanzu da hannu suke rubuta rasit, ni kuwa zan riƙa daidaita littafinsu da bayanan banki duk ƙarshen wata, aikin da ba zai kankama ba sai an zaga zango 3.

Inda na rasa mafita, Malam, shin in yi tayin sa hannu cewa zan yi shekara 2, tare da sanarwar zango guda kafin in tafi, ko hakan ɗaure kai ne? Maganar mahaifiyata hujja ce, ko za su ɗauke ta neman tausayi? Idan kuma suka ce in rantse ba zan tafi ba ko an ninka mini albashi a wani wuri, wallahi ba zan iya rantsuwa a kan abin da ban sani ba. Wace amsa zan bayar wadda ba ƙarya ba ce, kuma ba za ta kore ni ba?

Wani abokina ya ce nan gaba in riƙa cire digiri na biyun daga takardar neman aiki. Raina bai kwanta da wannan ba, ko ya halatta?

Don Allah a taimaka kafin Litinin.

Naka,
Mai bibiyar filinka daga Funtuwa