Zuwa ga ƙanena mai rahoton wasanni, kan batun wasan mata

"Anti, na rubuta rahoton wasan mata, na yabe su iya yabo, na ce musu zaratan 'yan mata masu kamar maza, sai ga shi ana ta cewa na raina su. Don Allah ina rainin yake a cikin yabo? To me ake so in rubuta?"

Ƙanena, ka koma ka karanta rahoton naka, ka rufe sunayen ƙungiyoyin da sakamakon da hannu, sannan ka tambayi kanka ko wanda bai kalli wasan ba zai gane yadda aka ci. In ba zai gane ba, to a nan matsalar take. Yawancin kalmomin da ake ƙorafi a kansu, irin su "sun burge", "sun nuna su ma ba a bar su a baya ba", "kallabi tsakanin rawuna", "mace mai kamar maza", suna shigowa ne a daidai wurin da ya kamata bayanin wasan ya zauna. Mai rubutu bai lura da wa ta ba da ƙwallon ba, bai ga canjin da koci ya yi ba, sai ya cike gurbin da kirari. Kuma kirarin nan in ka duba abu ɗaya yake faɗa, wai abin mamaki ne mace ta iya. Wadda ta shekara goma sha biyar tana atisaye safe da yamma, albashinta ke nan, sana'arta ke nan, ba ta son a yi mamakinta, so take a faɗi abin da ta yi a fili.

Bari mu ɗauki wasa ɗaya mu bi shi. Fainal ɗin kofin Afirka na mata, ranar 26 ga Yuli 2025 a Rabat, Najeriya da Maroko mai masaukin baƙi. Kafin a kai minti 25 Maroko ta zura biyu, Ghizlane Chebbak ta fara da wani shot daga wajen akwati sannan Sanaa Mssoudy ta ƙara, aka tafi hutun rabin lokaci 2-0. Bayan an dawo Esther Okoronkwo ta ci fenariti a minti na 64, a minti na 71 ita ce dai ta kutsa ta miƙa wa Folashade Ijamilusi ta farke, aka ba Maroko fenariti sai alƙaliyar wasa ta je ta duba VAR ta soke, sannan a minti na 88 Okoronkwo ta ɗaga firikik Jennifer Echegini ta sa a raga. 3-2, kofi na goma.

To ga yadda rahoton raini yake buɗewa, kuma wallahi da kyakkyawar niyya ake yinsa: "'Yan matanmu sun share mana hawaye, sun nuna abin da namiji zai yi mace ma za ta iya, suka fashe da kukan murna bayan busan ƙarshe." Ka duba da kyau, jimlar nan za ka iya liƙa ta a kan kowane wasan mata da aka taɓa bugawa, ƙwallon ƙafa ne ko kwando ko tsere. Ba suna ko ɗaya, ba minti, ba dalili. Ga kuma ɗaya buɗewar: "Esther Okoronkwo ta ci ɗaya ta ba da biyu, Najeriya ta taso daga 2-0 ta doke Maroko 3-2 a Rabat ta ɗauki kofin Afirka karo na goma." Ba kalmar yabo ko guda a ciki amma duk wanda ya karanta ya san wa ta juya wasan. Daga nan sai ka shiga tambayoyin da za ka yi da a ce Super Eagles ne, me ya sa tsakiyar Najeriya ta riƙa zubar da ƙwallo a zagayen farko, me koci Justin Madugu ya gyara a hutu, me ya sa Marokon Jorge Vilda ta kasa riƙe ƙwallo biyu a gidanta, shin soke fenaritin nan daidai ne. Mutane su yi ta musu a kai, ai haka ake wa wasan da aka ɗauka da muhimmanci. Kukan murnar ma ba haramun ba ne ka ambata, maza ma suna kuka in sun ɗau kofi, amma a can ƙasa ake sa shi bayan an gama ba da labarin wasa.

Sai "'yan mata" da "yaranmu". Ranar da Chiamaka Nnadozie ta tare fenaritin Christine Sinclair a gasar duniya ta 2023, aka tashi 0-0 da Kanada, Sinclair tana da shekara 40, kuma ta yi ritaya da ƙwallo 190 da ta ci wa ƙasarta. Wannan ce yarinya? Ka ce 'yan wasa, ka ce kyaftin, gola, 'yar baya, 'yar gaba. Hausa ma ta sauƙaƙa maka, da ka ce "ta buga" kowa ya san mace ce, ba sai ka yi ta nanata "mace", "mata" a kowane layi ba. In gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ce to nan 'yan mata ne da gaske, ba laifi. Batun suna kuwa ni ba na tsananta shi, don kiran mutum da sunansa na farko ba raini ba ne a bakinmu, abin da nake dubawa kawai shi ne daidaito: in a shafi ɗaya ka rubuta Osimhen da Lookman, to ka rubuta Oshoala da Ajibade, kar ya zama su ana kiransu kamar manya su kuma ana kiransu kamar ƙannenka na gida.

Akwai wani rainin da ya fi wannan ɓuya, kuma masu kirki ne suka fi yinsa, wato ƙin yin suka. A wannan gasar ta 2023 Najeriya ta haɗu da Ingila a zagayen 'yan 16. Lauren James ta taka Michelle Alozie aka ba ta jan kati a minti na 87, ke nan Najeriya ta buga ƙarin lokaci gaba ɗaya, minti 30, da rinjayen mutum ɗaya kuma ba ta ci ba, aka je bugun fenariti Desire Oparanozie da Alozie suka zubar da biyun farko, Ingila ta wuce da 4-2. In ka rubuta "sun yi ƙoƙari a matsayinsu na mata, a yaba musu" ka tsaya nan, ka ce musu ke nan dama ba a sa ran komai daga gare su. Rahoton da ya girmama su zai faɗi cewa sun hana zakarun Turai sakat, har ƙwallo ta bugi ƙarfen raga, sannan ya tambaya me ya sa da aka samu rinjaye ba a matsa ba, kuma yaya aka tsara masu bugun fenariti. Ita ma James abin da ta yi ganganci ne da ya jawo mata dakatarwar wasa biyu, haka za ka rubuta, ba "faɗan mata" ba, ba "kishi" ba. Namiji in ya taka wani a fili ba mai cewa halin maza ne, cewa ake ya yi wauta ya jefa ƙungiyarsa a matsala.

Ka kula da tarihi kuma, nan ne ake yawan zamewa ba a sani ba. A Rio 2016 wani mai gabatarwa ya ce wa Andy Murray shi ne mutum na farko da ya ci zinare biyu na tenis a Olamfik, Murray da kansa ya tuna masa cewa Venus da Serena Williams kowacce tana da huɗu. Haka a 2019 da Marta ta Brazil ta ci ƙwallonta na 17 a gasar duniya ta wuce Miroslav Klose mai 16. Duk sanda za ka rubuta "na farko a tarihi" ko "wanda ya fi kowa", tsaya ka duba ɓangaren mata tukun, in na maza kake nufi ka rubuta "a gasar maza". Kalma uku ce kawai. In dai za ka ce "gasar mata" to ɗayar ma tana da suna.

Maganar miji, aure, ado da kyau fa? Abin da nake auna shi da shi, shin ya shafi sakamakon. A Rio ɗin dai Corey Cogdell-Unrein ta ci tagulla a harbi, wata jaridar Chicago ta sanar da labarin da cewa matar wani ɗan wasan Bears, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta birnin, ta ci lambar yabo, ko sunanta babu. A 2018 Ada Hegerberg ta zama mace ta farko da ta karɓi Ballon d'Or, a kan dandamalin aka tambaye ta ko ta iya wata rawar karkaɗa ƙugu, ta ce a'a. Waɗannan a bayyane suke, kowa zai gane. Inda ake buƙatar hankali shi ne irin labarin Shelly-Ann Fraser-Pryce, ta haihu a 2017 ta dawo ta ci tseren mita 100 na duniya a Doha a 2019 cikin daƙiƙa 10.71. Haihuwar nan tana cikin labarin, don ta ɗauke ta daga fili kuma sai da ta sake gina jikinta, ita ma da bakinta take magana a kai. Sai ka tambaye ta yaushe ta koma atisaye, me ya canja a tsarin horonta, wane ɓangare na tseren ya fi wuyar dawowa, fitowa daga farko ko ƙarasawa. Amma "wa yake riƙe miki yaro in kin tafi gasa", wannan ba ka taɓa tambayar ɗan wasa namiji mai 'ya'ya uku ba, to ka bar ta.

Hoto ma haka, in editanka ya ba ka zaɓi tsakanin hoton da take murmushi da kwalliya da wanda take tsakiyar bugun da ya ci wasan, ɗauki na biyu ko da fuskarta a murtuke take, gumi na zuba. Ka sa sunanta da mintin a ƙarƙashin hoton.

Rahoton naka kuma kar ka goge shi, ka nemo bidiyon wasan ka sake kallo da biro a hannu, ka rubuta minti da sunan duk wadda ta taɓa ƙwallo kafin ta shiga raga da duk canjin da koci ya yi, sai ka sake rubutawa daga wannan takardar ka turo min in gani.

Antinka.