Aikin akanta na iya, amma da godiya ake biyana

Assalamu alaikum Malam, ina yi maka fatan alheri tare da masu bin wannan fili naka.

Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne a nan Zariya. Na yi ritaya shekara uku da suka wuce, bayan na cika shekara 35 a ɓangaren lissafin kuɗi. Ina cikin sabon tsarin fansho wanda aka kawo a 2004, shi ya sa aka ba ni wani kaso a dunƙule, sauran kuma ake biyana wata-wata. Abin da ke shigowa naira 62,000 ne, ga iyali, ga yara biyu da ba su gama karatu ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin nan da ƙyar suke kai mu ashirin ga wata. Na taɓa saka wani abu daga kuɗin sallamar a ajiyar masara, farashi ya karye, na sayar da asara. Yanzu naira 900,000 suka rage, kuma tsoron taɓa su nake yi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani aiki da na yi kwanan baya. Wani ƙanin abokina yana da makarantar kuɗi mai yara 210, kowane yaro naira 15,000 a zango. Ya zo yana kukan cewa kullum albashin malamai gagararsa yake yi. A lissafi ya kamata ya tara naira 3,150,000. Da na haɗa rasit, 2,700,000 na samu, wato yara 30 ba su biya ba kuma ba wanda ya san su waye. Da na haɗa abin da ke banki da na hannu da wanda aka kashe da shaida, sai ga 2,480,000. Ya fara zargin yarinyar da ke karɓar kuɗi, na ce ya dakata. Ashe littafin rasit biyu ake yanka a lokaci guda, wasu iyaye kuma asusunsa na kansa suke tura kuɗi. Shi ma yakan buɗe durowa ya ɗauki na cefane ba tare da ya rubuta ba. A nan naira 220,000 ɗin suka shige.

Na mayar da su kan littafin rasit ɗaya mai lamba a jere, da littafin shige da fice da ake rufewa kowace yamma. Na ce ko sisi kada ya fita sai da bauca, ko da shi ne ya ɗauka, sannan a ƙarshen wata a gwada littafin da takardar banki. Mako uku ina zirga-zirga daga Tudun Wada zuwa Samaru a keke Napep. Ranar da na gama ya sa hannu a aljihu ya ba ni naira 5,000, ya ce Baba ga na mai, Allah ya saka da alheri. Na karɓa na yi godiya, amma wallahi ko kuɗin motata ba su kai ba. Tun daga nan mutum uku ya turo mini, kowa da irin wannan sallama.

Tunanina shi ne in riƙe makarantu huɗu, ina leƙa kowace sau ɗaya a mako, a kan naira 15,000 a wata. Naira 60,000 ke nan, kusan fansho na biyu, ko an cire kuɗin mota. Na san iyakata: ba ni da takardar ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, wato ICAN ko ANAN, don haka ba zan sa hannu a matsayin odita ba, gyaran littafi da horar da mai karɓar kuɗi kawai zan yi.

Malam, yaya mutum mai furfura zai yanka wa ƙanin abokinsa farashi ba tare da an ce ya zubar da girma ba? Nauyin baki shi ne babban ciwona. In kai musu yarjejeniya a rubuce tun kafin in buɗe littafi, ko hakan zai kore su? Sannan biyan wata ya fi ko na zango, tun da lokacin hutu makarantu ba sa samun kuɗi? Ɗana yana matsa mini in cire kamar naira 350,000 in sayi kwamfuta da firinta, in yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, wai sai an ga takarda mai hatimi ake biyan mutum da daraja. Ni kuwa ina ganin in bari sai makaranta biyu sun biya ni wata uku a jere kafin in taɓa kuɗin. Wanne ka ga ya fi?

Ina sauraron amsarka. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Tsohon akanta, Tudun Wada, Zariya