Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga bankina: ku nuna mana kuɗin da kuka riƙe

Ranka ya daɗe Manaja,

Bayan gaisuwa, ni mai sayar da atamfa ne a babbar kasuwar Garwa, kuma a reshenku nake ajiya. Ƙorafina a kan lambobi biyun da kuke nuna wa asusu ɗaya ne.

Takardar bayanin asusu da kuka buga mini ranar Litinin ta ce ina da sefa 900,000 a layin `solde comptable`. Manhajarku ta waya kuwa ta ce 450,000 a `solde disponible`. Na san bambancin ba sata ba ne. Lamba ta farko jimillar abin da aka riga aka rubuta a littafinku ce, ta biyu ita ce abin da hannuna zai iya taɓawa yau, bayan an cire duk abin da aka riƙe.

Ga inda 450,000 ɗin suka maƙale. Ranar Juma'a na saka cek na 400,000 daga wani banki. Kun rubuta mini shi nan take, amma kuɗin bai zama nawa ba sai cek ɗin ya bi ta SYSTAC, hanyar da bankunan ƙasashen CEMAC masu amfani da sefa a Afirka ta Tsakiya ke warware cek tsakaninsu ƙarƙashin babban bankin yankin, BEAC, bankin mai shi kuma ya amince zai biya. Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafi. Wannan ban ja da shi ba, domin cek na iya dawowa babu kuɗi.

Sauran 50,000 ɗin, na'urar cirar kuɗi ce ta wani banki ta karɓi katina, ta yi ta gurnani, ba ta tofo ko dala ba. Tun da aka nemi izinin cirar ta hanyar GIMAC, tsarin da ke haɗa katunan bankunan yankin, kuka ware kuɗin gefe, kuma har yau ba ku sake su ba. A takarda kuwa babu alamarsu, tunda ba a kammala cirar ba.

To laifinku shi ne duk wannan sai da na yi layi a gaban kanta, ma'aikaciyarku ta leƙa kwamfuta, sannan na ji. Kafin nan, bisa takardar da ke ɗauke da hatiminku, na rubuta wa dilana na Duwala cek na 600,000. Ya dawo. Kun caje ni kuɗin dawowarsa, mutumin kuma yanzu sai tsaba yake karɓa a hannuna. Kun fi ni sanin abin da cek marar kuɗi ke jawo wa sunan ɗan kasuwa.

Abin da ma'aikaciyar ta gani a allonta, ku buga shi a ƙasan takardar: kowane riƙo da adadinsa da dalilinsa da ranar da za a sake shi. Ku mayar mini da 50,000 ɗina da kuɗin da kuka caje ni, kuma ina son amsarku a rubuce.

Naku,
Mai ajiya daga Garwa