Kuɗin kwanan asibiti daban, biyan kuɗin magani daban

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin warware wani ruɗani da ke jawo rigima tsakanin jama'a da wakilan kamfanonin inshora. Mutum zai sayi tsarin da ake kira kuɗin kwanan asibiti, yana zaton idan ciwo ya kama shi za a biya masa duk abin da asibiti ta caje shi. Sai ranar karɓa ta zo, a miƙa masa abin da bai kai kuɗin gwaji ba, ya ce an cuce shi. Sau da yawa abin da ya saya ke nan, sai dai ba a yi masa bayani ba.

Tsarin kuɗin kwana ba ruwansa da rasit, darare yake ƙirgawa. Tun ranar shiga tsarin aka yanke adadin da za a ba ka a kan kowane daren da ka kwana a gadon asibiti bisa umarnin likita, kuma kuɗin hannunka suke zuwa, ka yi abin da ka ga dama da su. Shi kuwa tsarin da ke biyan ainihin kuɗin magani, lissafin asibiti yake bi: ko dai ya biya asibitin kai tsaye, ko ya mayar maka da abin da ka kashe bayan ka kawo rasit, har zuwa iyakar da aka rubuta. Ba ya ba ka ko kwabo fiye da abin da aka kashe. Tsarin hukumar inshorar lafiya ta tarayya, NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS, da na takwarorinta na jihohi, KECHEMA a nan Kebbi da ZAMCHEMA a Zamfara, sun fi kusa da wannan na biyun, domin asibiti suke biya, ba sa damƙa wa majinyaci kuɗi.

Ga misali, da alƙaluman da muka ɗauka don sauƙin lissafi kawai. A ce wani mai sayar da albasa a Aliero yana da tsarin Naira 5,000 a kowane dare, ba a biyan daren farko, kuma ba a wuce dare 15 a kwanciya ɗaya. Aka yi masa aikin afendis a Birnin Kebbi, an kwantar da shi daren Litinin, an sallame shi safiyar Alhamis. Dare uku ke nan. Tiyata ta ci Naira 110,000, magani da ƙarin ruwa 40,000, gwaje-gwaje 21,000, gado 9,000, jimla 180,000. Kamfanin kuɗin kwana zai cire daren farko, ya biya dare biyu, wato Naira 10,000. Da tsarin biyan kuɗin magani yake da shi, mai sharaɗin ya ɗauki kashi 10 cikin ɗari da kansa, da an biya masa 162,000, shi ya cika 18,000. Dalilin wannan tazara shi ne kuɗin tiyata a rana ɗaya suke taruwa, shi kuma kuɗin kwana bai san tsadar rana ba, yawan kwanaki kawai ya sani.

To a juya lamarin. Mutumin nan ya yi haɗarin babur ya karye, ya shafe dare 21 a kwance, asibiti ta caji 120,000. Tsarin biyan magani zai ɗauki 108,000, ya tsaya nan. Ba zai biya abincin mai jinya ba, ba zai biya kuɗin motar iyali daga Aliero zuwa Birnin Kebbi ba, balle cinikin mako uku da ya wuce shi a kasuwa. Nan ne kuɗin kwana yake da rana. Bayan cire daren farko saura 20, amma iyaka ta tsayar da shi a 15, sai ya karɓi 75,000 a hannu. Kuma a yawancin irin waɗannan yarjejeniyoyi yana iya karɓar duka biyun, domin kuɗin kwana ba ramuwar abin da aka kashe ba ne. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a kai rasit ɗaya ga kamfanoni biyu masu biyan magani a karɓi cikakken kuɗi sau biyu.

Ra'ayinmu shi ne, wanda ƙarfinsa bai wuce tsari ɗaya ba, ya fara da mai biyan magani. Kuɗin kwana ƙari ne, kuma ya fi amfanar wanda idan ya kwanta samunsa ya tsaya, irin ɗan kasuwa, direba, tela ko masunci a Yauri, fiye da ma'aikacin da albashinsa ke shiga ko yana kwance.

Inda aka fi samun matsala wajen karɓa kuwa, kalmar “kwantarwa” ce. A bakinmu, duk wanda aka sa wa ruwa ya yini a gado an kwantar da shi. A takardar inshora ba haka ba ne. Galibi sai likita ya rubuta an karɓe ka a ɗakin majinyata, ka kuma cika awa 24 a jere. Wanda aka ajiye a sashen gaggawa daga Azahar zuwa Isha'i aka sallame shi, ko nawa ya kashe, ba shi da komai. Haka wanda iyalinsa suka ɗauke shi daga asibiti zuwa wurin mai ɗori. Kwanakin da ya yi can ba sa cikin lissafi, kuma idan ya fita ba da takardar sallama ba, ko dararen da ya yi a asibitin ma zai sha wuyar tabbatar da su.

Takardar sallamar nan ita ce komai. Kafin ku bar asibiti, ku duba cewa tana ɗauke da ranar shiga da ranar fita, da sunan ciwon, da sa hannun likita da hatimin asibiti, kuma sunan da ke jikinta ya yi daidai da na takardar inshora. Wanda ya yi rajista da Muhammadu Sani amma katin asibiti ya ce Sani Mamman, sai ya yi zirga-zirgar gyara kafin a saurare shi. A kuma sanar da kamfani da wuri, domin kowace yarjejeniya tana da wa'adin kai buƙata.

Akwai kuma lokacin jira. Yawancin tsare-tsaren ba sa biyan rashin lafiyar da ta taso a makonnin farko bayan shiga, sau da yawa kwana 30, sai dai haɗari. Ciwon da mutum ya shigo da shi, kamar ciwon suga ko hawan jini, ana iya cire shi gaba ɗaya ko a sa masa jira mai tsawo, haihuwa ma haka. Idan kuma zubin wata ya tsallake har ya wuce kwanakin alfarmar da ake ƙara wa mutum ya biya, tsarin na iya mutuwa, a sake jira daga farko. Masu biya ta waya su kula da wannan, don ba kowa ke lura da cewa ba a cire kuɗin wannan watan ba.

Ga masu ɗari-ɗari da inshora saboda addini, akwai kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ba lasisi. Sai dai sharuɗɗan ƙirga dare da lokacin jira suna iya kasancewa a can ma, don haka karatun takarda bai faɗi a kan kowa ba. Kafin a sa hannu, a sa wakilin kamfani ya ɗauki biro ya lissafa a gabanka nawa za a ba ka idan ka kwana uku bayan tiyatar Naira 180,000, sannan ya nuna maka layin da ya faɗi haka a cikin yarjejeniyar.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan inshora da na sashen ajiyar bayanan asibiti,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.