Amsa ga mai hatsin da ya tambaye ni a kan insha Allah

"Malam, wani ya ɗauki gero na jaka hamsin a wajena, ya ce zai biya bayan Sallah insha Allah. Sallah ta wuce da wata biyu. Da na yi magana sai ya ce ai ya ce insha Allah, Allah ne bai nufa ba. Shin wannan kalma ta wanke shi?"

Assalamu alaikum ƙanena. Tun da a gaban jama'a ka yi tambayar, ga amsa a fili: ba ta wanke shi ba.

Kalmomi uku ne na Larabci muka dunƙule. "In" shi ne idan, "sha'a" ya so, sai sunan Allah. Wato idan Allah ya so. Umurnin faɗinta yana cikin Suratul Kahfi, aya ta 23 da ta 24, inda aka hana mutum ya ce zai aikata abu kaza gobe ba tare da ya jingina shi ga nufin Allah ba. Ka dubi ayar da kyau. Akwai aiki a cikinta, akwai kuma lokaci, gobe. Mutumin da take magana a kansa ya riga ya ƙudurta, abin da ya rage masa sanin cewa rai da lafiya da hanya ba a hannunsa suke ba. Niyya kuwa tasa ce.

Ina jin abin da ke rikita mutane wani hukunci ne na rantsuwa. A Risala, wadda muke karantawa a zaurukan Damagaram, wanda ya rantse da Allah ya haɗa da insha Allah babu kaffara a kansa idan ya saɓa, da sharaɗin ya yi nufin togaciya, ya furta ta, ya sadar da ita da rantsuwar kafin ya yi shiru. To kaffara ce aka ɗauke masa. Bashi haƙƙin ɗan Adam ne, yana nan a wuyansa ko ya faɗi kalmar sau dubu. Hadisi ya kira jinkirin mai hali zalunci. Wanda ya rasa da gaske kuwa, aya ta 280 ta Baƙara ta ce a saurara masa har ya samu.

Saura yadda za ka gane abin da ake nufi tun a bakin rumfa, domin a bakinmu kalmar tana aiki fiye da ɗaya. Kada ka saurare ta ita kaɗai, ka saurari abin da ke tare da ita. Wanda ya amsa da gaske rana yake fara faɗi: "Ranar Alhamis bayan la'asar zan kawo maka jaka ashirin, insha Allah." Ga rana, ga adadi, kalmar ta zo a ƙarshe, sau ɗaya. Irin wannan in abu ya gitta shi ne ke fara nemanka kafin ka neme shi.

Akwai kuma ta kunya, ita ba na zarginta. Suruki ko dattijon unguwa ya roƙi yaro abin da ya fi ƙarfinsa, yaro ba ya iya cewa a'a, sai ya sunkuyar da kai ya ce "To Baba, bari in duba, insha Allah." Dattijon ya ji, ya fahimta, ba zai sa tukunya a wuta don wannan magana ba. Babu wanda aka yaudara.

Wadda ke ƙona mini rai ita ce ta zillewa. Alamarta a maimaita ta babu rana: "Insha Allahu, insha Allahu, kar ka damu." Ka ce yaushe, ya ce "nan kusa". Ka matsa, ya ce ko ba ka yarda da Allah ba ne. Nan ya mai da sunan Ubangiji garkuwa, ya bar ka da jin kunyar neman haƙƙinka. Har ta kai yaranmu in uba ya ce insha Allah sai su ce ya hana, mu ne kuma muka koya musu.

"Bayan Sallah" da ya ce maka ba rana ba ce, ko baɗi ma bayan Sallah ne. Ka koma wurinsa ba da faɗa ba, da shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta yi umurni a rubuta bashi da ajali sananne. Ka ce: "Allah mai nufi ne, na yarda. Kai me ka nufa?" Ku raba jaka hamsin ɗin, goma goma duk ranar kasuwar Alhamis a Dole, mako biyar, a rubuta. In ya ce goma ta yi masa nauyi, biyar zai iya, karɓa, mai neman ragi yana da niyyar biya. In ya ƙi yanka rana ko ɗaya, ka kai maganar gaban mai unguwa.

Allah ya fito maka da haƙƙinka. Wassalam.