Wasiƙa daga Istanbul

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da Inna da sauran iyali, na rubuto ne domin in amsa tambayarka game da yadda nake zama da amaryar taku, wadda ka ji labarin ta yarda da taurari.

A nan Turkiyya abin ya zama ruwan dare, suna kiransa burç, wato buruji, kuma da wuya ka zauna da baƙo bai tambaye ka naka ba. Ita abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne lokacin da ake cewa tauraron Uɗaridu, mafi kusa da rana, yana ja da baya, wanda ke faruwa sau uku ko huɗu a shekara, kowane karo kimanin mako uku, domin a ganinta ba a sa hannu a takarda a cikinsa.

Da muka sami gidan haya a irin wannan lokaci, sai ta ce a dakata. Ni kuwa na yi gaggawa, na bayyana mata cewa Uɗaridu bai taɓa komawa baya ba, yana zagaya rana ne cikin kwana 88, sai ya wuce duniyarmu mu ga kamar ya juya, har na kawo mata hadisin da ya ce wanda ya je wurin mai duba ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in. Ban faɗi ƙarya ba, amma kwana biyu ba ta yi mini magana ba, saboda abin da ta ji shi ne na kira ta jahila kuma na taɓa imaninta.

A rana ta uku, muna shan shayi, na ajiye maganar sama na tambaye ta abin da take tsoro a takardar. Ashe wani mai gida ya taɓa cinye wa mahaifiyarta kuɗin ajiya. Muka karanta yarjejeniyar layi-layi, muka tarar an nemi ajiyar hayar wata huɗu, alhali dokar ƙasar ta taƙaita shi ga wata uku. Aka gyara, ta sa hannu da kanta, Uɗaridu kuwa yana nan yana ja da bayansa.

Tun daga nan muka yi ƙa'ida: abin da jinkirinsa ba ya jawo asara, kamar sayen labule, ina barinta ta zaɓi rana ba tare da na ce na gaskata ba, amma kuɗi da asibiti hujja ake bi. Zancen aƙida kuwa ina ɗaga shi sai ranar da babu wata shawara a gabanmu, kuma ba a gaban danginta ba.

Ina roƙonka kada Inna ta tayar mata da maganar a waya, ka bar ni da ita tukuna.

Wassalam,
Ƙaninka